Kotu ko tahkimi: sharaɗin da ɗan kasuwa ke sa wa hannu bai karanta ba

Idan aka miƙa wa ƙaramin ɗan kasuwa takardar kwangila, idonsa kan faɗa kan abu uku: farashi, yawan kaya da ranar biya. Da zarar waɗannan sun yi daidai, sai ya jawo biro. Amma can wajen ƙarshen takardar, gab da wurin sa hannu, akwai wani ɗan sakin layi da ke faɗin inda za a kai magana idan ciniki ya lalace. Wata takardar takan ce kotun jiha kaza ce za ta saurari duk wani saɓani. Wata kuma takan ce za a miƙa shi ga abin da lauyoyi ke kira abitireshan, wanda malaman fiƙihu suka daɗe da saninsa da sunan tahkimi. Ra'ayina a wannan sharhi shi ne, ga mai ƙaramin jari da ke ciniki a cikin ƙasa, wanda mafi yawan rigimarsa ta bashi ce, kotu ta fi masa. Tahkimi yana cin kuɗinsa ne a wurare biyu: inda dukiyar abokin ciniki take a wata ƙasa, da inda rigimar ta ƙwarewa ce kuma kuɗin da ke ciki ya isa ya ɗauki nauyin zaman. Wanda ya sa hannu kan sharaɗin tahkimi bai yi wannan lissafi ba, yana iya rufe wa kansa ƙofar kotu ya buɗe wata da ba shi da kuɗin shigarta.

Sai an fara kawar da wani ruɗani, domin mutane da yawa suna ɗaukar tahkimi a matsayin sulhu. A kasuwanninmu an saba da dattawan layi ko shugabannin ƙungiya su zaunar da mutum biyu, a ce wannan ya yi haƙuri, wancan ya rage, a tashi da musafaha. Mai sulhu ba ya tilasta wa kowa; idan ba ka gamsu ba, ka tashi da haƙƙinka a hannu. Tahkimi shari'a ce sosai. Ku biyu ne za ku zaɓi mutumin da zai yi muku alƙalanci, wato hakami, ku biya shi ladansa, ya karɓi hujjoji, ya ji shaidu, ya yanke hukunci a rubuce, kuma hukuncin ya hau kanku ko kun so ko kun ƙi. Malaman Malikiyya sun halatta shi a sha'anin dukiya, suka hana shi a haddi da saki da nasaba, suka kuma ce hukuncin hakami yana zartuwa. Dokar Nijeriya ma kusan haka take: ba a kai laifi gaban hakami, amma rigimar ciniki ana kaiwa. Dokar da ke aiki yanzu ita ce Dokar Tahkimi da Sasanci ta 2023, wadda aka sa wa hannu a watan Mayu na shekarar, ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1988.

Abu biyu ne a cikin dokar ya kamata ɗan kasuwa ya riƙe. Na farko, sharaɗin tahkimi yana rufe kotu. Idan ka sa hannu a kansa, daga baya ka shigar da ƙara, abokin rigimarka na iya nuna wa alƙali takardar ya nemi a dakatar da shari'ar, kuma sashe na 5 na dokar ya wajabta wa kotu ta mayar da ku ga tahkimi, muddin ya nemi hakan kafin ya fara mayar da martani kan ainihin ƙarar, kuma sharaɗin bai zama ɓatacce ba. Ko cewa ka yi kwangilar kanta ta rushe, ba ka tsira ba, domin doka na ɗaukar sharaɗin a matsayin yarjejeniya mai zaman kanta. Na biyu, hukuncin hakami ba a ɗaukaka ƙara a kansa don kawai ya yi kuskure. Alƙalin Babbar Kotu idan ya karkace, akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara, bayanta akwai Kotun Ƙoli. Hakami kuwa, ko ya fahimci hujja a baibai, hukuncinsa na nan daram. Abin da za ka iya kawai shi ne ka roƙi kotu ta soke shi, cikin wata uku da karɓarsa, bisa wasu dalilai ƙalilan: ba a sanar da kai zaman ba, ba a ba ka damar kare kanka ba, hakamin ya yi hukunci kan abin da ba a miƙa masa ba, ko hukuncin ya ci karo da maslahar jama'a.

Mu ɗauki misali, alƙalumansa na ƙiyasi ne don lissafi ya fito fili. Wani mai injin casar shinkafa a Kano ya yi kwangila da wani kamfani mai hedikwata a Legas da reshe a Kano, zai kai buhu 300 a kan naira 60,000 kowanne, jimilla naira miliyan 18. Ya kai kaya, an sa hannu a takardar karɓa, an biya shi miliyan 14, sai miliyan 4 ta maƙale. Yau gobe, yau gobe, har wata biyar. Kamfanin bai ce shinkafar ba ta da kyau ba, bai ce buhunan ba su cika ba. Biya ne kawai ba ya yi. Takardar da lauyan kamfanin ya rubuta ta ce duk saɓani za a kai shi gaban hakamai uku, a zauna a Legas. A ce kowane hakami zai karɓi naira miliyan ɗaya. Miliyan 3 ke nan, ba a sa kuɗin ɗakin zama da na rajista ba, ba a sa kuɗin lauya da jirgi da masauki ba. A al'adar tahkimi ana neman ɓangarorin biyu su ajiye kuɗin zaman tun farko, rabi da rabi. Kamfanin da ya ƙi biyan bashi ba zai yi rawar jikin biyan nasa rabin ba, kuma idan ya ƙi, zaɓi biyu ne ya rage wa mai shinkafa: ya biya duka, ko a jingine zaman. Mutumin da ke bin miliyan 4 an ce ya fara zuba abin da ya kusa kai miliyan 4 kafin a saurare shi. Mafi yawa a nan suke haƙura, kuma wanda ya rubuta sharaɗin ya san haka.

Da takardar ta ce kotunan Jihar Kano, da lissafin ya sauya baki ɗaya. Alƙali gwamnati ke biyansa albashi, ɗakin shari'a kyauta ne, abin da ke kan mai ƙara shi ne kuɗin shigar da ƙara da na lauya. Sannan akwai gajerun hanyoyi da aka tanada musamman don irin wannan bashi. Legas ta buɗe kotun ƙananan basussuka a 2018, Kano ta bi sahu a 2019, wasu jihohi suka biyo baya. Lokacin da aka fara, iyakar abin da take saurare naira miliyan 5 ce, ana son a gama shari'a cikin kwana 60, kuma mutum na iya tsayawa da kansa ba lauya. Iyakar na iya sauyawa daga jiha zuwa jiha, don haka a tambaya a rajistarar kotu. Idan bashin ya wuce iyaka, Babbar Kotu na da tsarin ƙarar bashin da ba shi da kariya: mai ƙara ya kawo takardunsa da rantsuwa, a ba wanda ake ƙara dama ya nuna a rantse cewa yana da kariya ta gaske, idan bai nuna ba a yanke hukunci ba tare da kiran shaidu ba. Bayan hukunci, kotu na iya umartar bankin kamfanin ya cire kuɗin daga asusunsa, ko ta tura ma'aikatanta su kama kaya. Idan dukiyar tana Legas, doka ta ba da damar a yi rajistar hukuncin Kano a can a zartar da shi. Ko ɗaya daga cikin wannan iko hakami ba shi da shi.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ce amsar hujja mafi ƙarfi da masu son tahkimi ke kawowa, wato jinkirin kotu. Hujjar gaskiya ce, ba mai musunta ta. Shari'ar ciniki a Babbar Kotu kan ci shekaru, a ɗage zama don lauya bai zo ba, a canza wa alƙali wurin aiki a koma farko, kuma idan aka bi matakan ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli ana iya haura shekara goma. Tahkimin da aka tsara da kyau kan ƙare cikin watanni. Sai dai ƙarewar zama ba ita ce shigar kuɗi aljihu ba. Idan wanda aka kayar ya ƙi biya, dole ka ɗauki hukuncin hakami ka kai Babbar Kotu ta amince da shi kafin a taɓa asusu ko kaya. A nan ne shi kuma zai shigar da buƙatar a soke hukuncin, kuma duk abin da kotu ta yanke kan wannan buƙata ana iya ɗaukaka ƙara a kansa har sama. Mai taurin bashi da ya ƙware a jan lokaci zai ja shi ta kowace hanya. Bambancin kawai, a tahkimi ka riga ka biya kuɗin hakamai kafin ka shiga layin da kake gudu. Saurin tahkimi yana da amfani tsakanin mutum biyu da suka saɓa da gaske, kowa na ganin shi ne mai gaskiya, kuma kowa zai biya idan aka kayar da shi. Wanda ya san da bashin ya ƙi biya, sandar kotu kaɗai yake ji.

Hujja ta biyu ita ce rufin asiri. Tsarin mulki ya ce a yi shari'a a bainar jama'a, tahkimi kuwa a ɗaki ake yinsa. Akwai wanda wannan ke yi wa amfani: mai sirrin haɗin kaya, ko mai rangwamen da ba ya son sauran masu saye su ji. Amma ɗan kasuwa ya tambayi kansa, asirin wa ake rufewa? A misalin shinkafa, wanda ke tsoron a ji sunansa a kotu shi ne kamfanin da ya ci bashi, kuma wannan tsoron makami ne a hannun mai bin bashi. Sau da yawa sammaci kaɗai kan sa a kira mutum a biya shi. Ɓoye zama kuma na da nasa haɗarin. A 2017 wasu hakamai a Landan suka yanke wa Nijeriya biyan dala biliyan 6.6 ga kamfanin P&ID kan wata kwangilar iskar gas ta 2010, kuɗin ruwa ya kai shi wajen biliyan 11. Sai a watan Oktoba na 2023 Babbar Kotun Ingila ta gano cewa da zamba aka samu hukuncin, har da cin hanci. Ƙasa guda da manyan lauyoyinta ta yi shekara shida kafin ta kuɓuta. Mai shago ba shi da wannan numfashin, shi ya sa rashin ɗaukaka ƙara ya fi yi wa ƙarami nauyi. Dokar 2023 ta ɗan sassauta, ta ba da damar a kafa kwamitin hakamai na biyu da zai duba hukuncin farko cikin kwana 60, amma sai an rubuta hakan a yarjejeniya, kuma shi ma biyansa ake yi.

Akwai kuma masu cewa ai wanda ya yi nasara za a mayar masa da kuɗin da ya kashe. Haka ne a mafi yawan lokaci, hakami kan ɗora kuɗin zama kan wanda aka kayar, kuma abin da yake bayarwa kan fi ɗan abin da kotunanmu ke yankewa. Amma wannan alkawari ne na ƙarshen tafiya. Ƙaramin ɗan kasuwa jarinsa ne ya maƙale, da shi zai sayi shanshera ya biya ma'aikata, ba shi da rarar da zai jingine wata takwas. Haka nan takobin kaifi biyu ne da shi: idan shi aka kayar, shi zai ɗauki kuɗin manyan lauyoyin kamfanin.

Inda lissafi ke juyewa shi ne idan kaya suka tsallake iyaka. Ɗauki ɗan kasuwar Dawanau da ya tura riɗi na dala 120,000 ga wani mai saye a Dubai ko Sin, aka biya rabi, kaya suka isa, mai saye ya ce danshi ya yi yawa, ya riƙe sauran. Ko Babbar Kotun Kano ta ba shi gaskiya, mutumin ba shi da ko tsinke a Nijeriya. Kai hukuncin kotun wata ƙasa a zartar a wata ƙasa abu ne mai wuya, ya dogara ga dokar can da ko akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen, wani lokaci sai an sake shari'ar daga tushe. Hukuncin hakami kuwa yana da fasfo. Yarjejeniyar Niyok ta 1958, wadda ƙasashe sama da 170 suka shiga, ta wajabta wa kotunan kowace ƙasa da ta shiga su zartar da hukuncin tahkimin da aka yanke a wata, sai bisa dalilai ƙalilan irin waɗanda aka ambata. Nijeriya ta shiga a 1970, Nijar tun 1964, Sin a 1987, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2006. Mai ciniki da Maraɗi ko Garwa kuma ya san cewa Nijar da Kamaru da Chadi suna cikin ƙungiyar OHADA, mai dokar tahkimi guda da kotun haɗin gwiwa a Abijan. A irin wannan ciniki tahkimi ba ado ba ne, shi ne kusan hanya ɗaya tilo da kuɗin za su dawo. Ga kuma ƙarin fa'ida: rigimar danshi da tsabtar riɗi ta masu sana'a ce, kuma a tahkimi kuna iya zaɓar wanda ya san yadda ake ɗibar samfur da karanta takardar gwaji. Wannan fa'idar na nan ko a cikin gida, a kwangilar gini ko kafa inji mai tsada, inda tambayar ita ce ko aikin ya yi daidai da zane.

Saboda haka tambayoyi uku ne ke raba gardama, kuma ana amsa su kafin a sa hannu. Idan wannan ciniki ya lalace, wa zai fi yiwuwa ya zama mai ƙara? Wanda ke ba da kaya kafin a biya shi, shi ne zai bi, don haka duk abin da ke tsadar da ƙara a kansa zai faɗa. Wace irin rigima ce za ta fi tasowa, ƙin biya ko saɓani kan inganci? Kuma ina dukiyar abokin cinikin take? Idan amsar ita ce ni zan bi, bashi ne, dukiyarsa tana nan gida, a rubuta kotu, a kuma ambaci jihar da ta fi kusa da kai kuma take da alaƙa da cinikin. Idan dukiyarsa tana ƙetare, ko aikin na ƙwararru ne mai kuɗi da yawa, a rubuta tahkimi.

Wani zai ce wannan duk maganar mai ƙarfi ce, ƙaramin ɗan kasuwa takarda ake miƙo masa, ya sa hannu ko a ba wani. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Kamfani kan kafe kan farashi, sai dai sau da yawa sharaɗin rigima kwafo shi aka yi daga wata tsohuwar takarda, kuma neman gyara shi ba ya kashe ciniki. Ko ba a cire tahkimi ba, ana iya rage masa dafi. A nemi hakami ɗaya maimakon uku; dokar 2023 da kanta ta mayar da ɗaya ya zama asali idan ba a faɗi adadi ba, saɓanin tsohuwar doka da ke cewa uku. A nemi mazaunin tahkimin ya zama kusa, domin mazauni ba wurin zama kaɗai ba ne, shi ke nuna dokar da za ta tafiyar da zaman da kotun da za ta sa ido a kansa. Wanda ya yarda da Landan ya yarda da lauyoyin Landan. A ambaci cibiyar da za ta naɗa hakami idan kun kasa daidaitawa, da cikakken sunanta na gaskiya, kamar Kotun Tahkimi ta Legas ko Cibiyar Yanki ta Tahkimin Kasuwancin Ƙasa da Ƙasa da ke Legas, a kuma nemi jadawalin kuɗinta a gani tun yanzu. Mafi amfani duka, a ware ƙananan basussuka: a rubuta cewa kuɗin kayan da aka karɓa ba tare da ƙorafi ba, idan bai wuce adadi kaza ba, ana iya binsa a kotu. Da wannan jimla ɗaya, da mai shinkafa ya tsira.

A kula kuma da kurakurai biyu da ke yawan faruwa. Akwai takardar da ke cewa a je tahkimi a wani sakin layi, ta ce a je kotu a wani, ko ta ambaci cibiyar da babu ita. Irin wannan kan sa a ɓata shekara ana jayayya kan inda za a yi jayayya. Akwai kuma sharaɗin da ke cewa sai an gwada sasanci tukuna, bai faɗi kwana nawa ba, mai bashi ya fake da cewa ai ana kan magana. Sasanci kafin shari'a abu ne mai kyau, kuma akwai cibiyoyinsa da ke jingine da kotu, ta Legas tun 2002, ta Kano tun 2009. Amma a sa masa wa'adi, kwana 14 ko 21 daga ranar da aka aika wasiƙar ƙorafi, bayansa kowa ya kama hanyarsa.

Ranar sa hannu ita ce ranar da ɓangarorin biyu ke shiri, kowa na son cinikin ya ɗore, kuma ita kaɗai ce ranar da za ka ce a gyara jimla a gyara. Bayan kaya sun fita daga sito, wanda ke riƙe da kuɗinka ba shi da dalilin sauƙaƙa maka hanyar ƙwatarsu. Kuɗin da lauya zai karɓa ya karanta maka sakin layi guda bai kai na buhu biyu ko uku ba. Kafin ka kai masa takardar, ka ɗauki adadin da ya fi yiwuwa ya maƙale, ka ajiye shi gefe da kuɗin da sharaɗin zai sa ka kashe wajen binsa. Idan na biyun ya kusa kamo na farkon, wannan sharaɗi ba hanyar warware rigima ba ce, yafe bashi ne tun kafin a ci shi.